Sai Dai a Word

Wasiƙar ta same ni a ofis wata ranar Talata, shekara biyu bayan an ba mu jiha. Lokacin ina koyar da lissafi a wata kwaleji a Gusau, iyalina kuwa suna Bungudu, kullum ina bin motar haya safe da yamma. Daga wata mujallar kimiyya take. Sakin layi na farko ya ce mujallar ta karɓi maƙalarmu, masu dubawa biyu sun karanta kwafin takardar da na aika, ba su nemi a sauya komai ba. Na karanta shi sau uku ina murmushi ni kaɗai. Sakin layi na biyu ne ya ɓata mini shayi. Ya ce a aiko da maƙalar a faifan kwamfuta guda ɗaya, a tsarin Word, cikin mako shida, kuma ba za a karɓi wani tsari ba. Wanda ya makara sai fitowar baɗi, domin mujallar sau ɗaya take fita a shekara.

Baɗi kuwa ita ce abin da ba mu da shi. Maƙalar ba tawa ba ce ni kaɗai, sunan da ke gaba ma ba nawa ba ne. Na malamina ne, wanda ya koya mini lissafi a sakandare, ya yi ritaya ya koma gidansa a Tsafe. Shekara talatin yana riƙe da alli, kuma a duk tsawon lokacin yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango da yake ta juya wata dabara a ciki: idan ka yanke jerin lissafi marar ƙarshe a tsakiya, yaya za ka san iyakar kuskuren da ka yi? Ya gano hanyar, ya gwada ta a kan misalai da yawa ta yi daidai, amma bai kammala hujjar ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ni na ƙarasa hujjar lokacin da nake digiri na biyu. Matsalar ita ce idanun Malam sun fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma likita ya faɗa masa gaskiya cewa ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiya ce, kuma ba ta dawowa. Abin da nake so bai fi ɗaya ba: Malam ya ga aikinsa a buge, da sunansa a sama, da idonsa, tun idon yana karatu.

Na rubuta maƙalar ne da LaTeX, wanda na koya a jami'a a hannun wani malami da ya yi karatu a waje. Ga wanda bai san shi ba, LaTeX ba kamar Word ba ne, inda abin da kake gani a allo shi ne zai fita a takarda. Kai dai kana rubuta zancenka a fayil na rubutu zalla, kana sa umarni a ciki. Duk umarni yana farawa da wata sanda mai jingina baya. Lissafin da ke cikin layi kana kewaye shi da alamar dala gaba da baya. In kana son harafin alfa na Girka, sai ka sa sandar ka rubuta sunansa. In ka gama sai ka ba manhajar fayil ɗin ta tsara, ta fito maka da shafi mai kyau irin na littafin da aka buga a ƙasar waje. Lambobin jimlolin lissafi ma ba kai kake sa su ba. Kana yi wa kowace jimla laƙabi, duk inda ka ambaci laƙabin manhajar ta sa lambar da ta dace, ko da ka cusa wata jimla a tsakiya. Duk maƙalar, shafi goma sha huɗu, ba ta cika ko kashi ɗaya cikin ashirin na faifai ba. Tana nan a tsohuwar kwamfutata a Bungudu, wadda na saya hannu na biyu, wadda ko Windows ba ta da shi.

Washegari na tafi ofishin waya na bi layi, na kira lambar da ke kan wasiƙar. Editan ba ya nan, sakatarensa ne ya ɗauka. Na yi masa bayani da ladabi cewa maƙalar lissafi ce, ga ta a tsare tsaf, zan iya aiko musu da shafukan a buge su ɗauki hotonsu kai tsaye, ko harafi ɗaya ba sai sun taɓa ba. Ya ce ba haka suke yi ba. Na ce to su karɓi fayil ɗin LaTeX. Ya tambaye ni wane kamfani ne yake yin sa. Daga ƙarshe ya ce da ni, cikin muryar mai lallashin yaro, ai ƙaramin aiki ne, in buɗe fayil ɗin in sake adana shi a Word, minti biyu an gama. Na ajiye kan wayar da ƙarfin da ya sa mai kula da layi ya harare ni. Mujallar kimiyya ce fa, rabin abin da take bugawa lissafi ne, amma mutumin da ke tsaron ƙofarta yana tsammanin jimlar lissafi riga ce da za a juya bai.

Kwamfutar sashenmu guda ɗaya ce, kuma jarrabawa ta kawo jiki, ba a samun ta ko na rabin awa. Sai aka kwatanta mini wani shago a Sabon Gari. Mai shagon wani Alhaji ne dattijo, tsohon mai buga tafireta na ma'aikata, wanda ya yi ritaya ya sayi kwamfuta biyu da firinta da ƙaramin janareta. Takardun kwangila da katin biki da kundin ɗalibai ne abincinsa. Na ba shi kwafin fayil ɗin a faifai na ce ya buɗe mu gani, na fita yin sallar azahar. Da na dawo na tarar ya cire hula yana fifita da ita.

"Lakcara, wanga faifai naka ya kamu da cuta," in ji shi. "Diba nan. Sanduna ko'ina, ga dala, ga baka-baka. Ban taɓa ganin ƙwayar da tay yi irin wagga ɓarna ba. Amma kak ka damu, na hwara share maka."

Na leƙa. Bawan Allah ya share duk sanduna da alamun dala na shafi ɗaya da rabi, ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce, "Alhaji, ai waɗannan su ne lissafin." Na ciro kwafin da aka buga na ajiye kusa da allon, na nuna masa yadda wannan tarkacen ya zama wancan kyakkyawan layin. Ya daɗe yana kallon takardar yana kallon allon.

"To kai da ad da abu mai kyau haka, mi kake nema wurina?"

"Mujalla ce ta ce sai dai a Word."

"Su sunka ga wagga takarda da idonsu, sunka ce ba su so?" Ya mayar da hularsa. "Allah shi kyauta. Jawo kujera."

Daga ranar na zama ɗan shago. Ina gama aji da rana in zo, mu yi aiki har la'asar sakaliya, in ruga tasha kafin motocin Bungudu su yi wuya. Ban raina Alhaji ba ko kaɗan, domin a aikinsa gwani ne. Rubutun zalla bai ba shi wahala ba. A fayil ɗin LaTeX kowane layi yana ƙarewa da tsinkewa, wanda Word ya ɗauka a matsayin sabon sakin layi, sai maƙalar ta zama kamar waƙa. Ni da na ga haka na yi niyyar bin layi ɗaya ɗaya. Shi kuwa sai ya buɗe akwatin nema da musanyawa, ya mayar da duk tsinkewa biyu a jere wata alama ta wucin gadi, ya mayar da tsinkewa guda guda tazara, sannan ya dawo da alamar ta zama sakin layi. Kafin in gama shan ruwa ya gama. Da irin wannan dabarar ya kwashe umarnin kanun sassa da na rubutu mai karkata, ya gyara alamun zance. Jerin littattafan da muka ambata kuwa, wanda a da wata manhaja ce take tsara mini shi, sai da ya buga shi da hannu daga takarda.

Lissafin ne ya tsaya mana a wuya. Word yana da wata ƙaramar manhaja ta rubuta jimlolin lissafi, Equation Editor, amma ba ta shiga kwamfuta sai an zaɓe ta musamman lokacin sakawa. Wanda ya saka wa Alhaji Word bai zaɓe ta ba, kuma ya koma Kano da faifan CD ɗinsa. Kwana huɗu na yi ina yawon neman faifan nan a Gusau kamar mai cigiyar akuya. Kowa ya ce yana da shi, sai ka je ya ce yana wurin wani. Ashe yana bayan gidana. Wani abokin karatuna da ke aiki a wani ofishin ayyukan gona a Bungudu ne ya ciro shi daga durowa, ya ba ni aro na yini ɗaya, da sharaɗin kada ya kwana.

Mun saka, muka fara. Kowace jimla sai an gina ta da linzamin kwamfuta: ka danna akwatin kashi, ka shiga sama ka rubuta, ka sauko ƙasa ka rubuta, ka koma ka nemo alamar jimilla, ka cika ramin samanta da na ƙasanta. Abin da nake rubutawa a layi guda cikin numfashi ɗaya, a nan sai ya ci minti goma. Ina karantowa daga takarda, Alhaji yana dannawa, har ya haddace sunayen haruffan Girka, yana kiran sigma "mai baki buɗe". Manyan jimloli masu zaman kansu a tsakiyar shafi arba'in da ɗaya ne. Lambobinsu duk da hannu muka sa, kuma duk inda rubutu ya ce a duba jimla ta kaza, sai na bi da fensir na tabbatar lambar ta yi daidai. Ga masu wuta da nasu halin. Sau biyu suna ɗauke ta kafin mu adana, aikin awa guda ya bi iska, Alhaji ya yi salati ni kuma in faɗi abin da bai kamata malami ya faɗa ba.

Manyan jimlolin ba su ne suka kayar da mu ba, ƙanana ne, waɗanda ke cikin zance. A maƙalar lissafi kusan kowane layi yana da alfa ko bita ko alamar "bai wuce ba", wato ƙasa da ko daidai da. Sun fi ɗari uku. Da farko kowace muka yi mata nata akwatin da Equation Editor, domin hakan ya fi tsaro. Muna kaiwa shafi na shida kwamfutar ta fara nishi. In ka gangara shafi sai ka jira, in ka adana sai ka yi alwala ka dawo. Fayil ɗin ya kumbura har na fara shakkar ko zai shiga faifai ɗaya. Wata Alhamis muka buɗe muka tarar wasu jimlolin sun ɓace, an bar mana jan kuros a gurbinsu, domin ƙwaƙwalwar injin ta cika. Saura kwana goma sha biyu, kuma dole in bar mako guda don tafiyar saƙo.

Ni ne na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce mu bar manyan jimloli a akwatunansu, ƙananan kuwa mu rubuta su a matsayin rubutu, da salon haruffan da ake kira Symbol. A wannan salon in ka buga a sai ta fito alfa, in ka buga b ta fito bita, sauran alamomin kuma kowace tana da lambar da ake dannawa. Ba nauyi, ba jira. Muka gwada layi ɗaya ya fito tas. Alhaji bai yi murna ba.

"Lakcara, ka san alfan ga taka a ce sanye da riga. In anka tuɓe mata rigar, a za ta koma."

"Wa zai tuɓe mata?"

"Mai buga musu. Shekara ashirin da bakwai ina wanga aiki. Duk wanda anka ba takardun mutane goma shi haɗa su wuri guda, abin da za shi hwara yi shi na shi zaɓi duka, shi sa musu salon rubutu guda. Ni ma haka ni ka yi."

Na san gaskiya ya faɗa, amma kwana goma sha biyu ba su ba ni wata hanya ba. Na ce zan rubuta musu gargaɗi. Muka gama cikin kwana huɗu. Na buga kwafi, na zauna a gida Bungudu na gwada shi da na LaTeX alama bayan alama, yini guda cur, matata tana riƙe da ɗaya tana bin layi da tsinken tsintsiya. Babu kuskure ko ɗaya. Kyau dai bai kai na asali ba, layukan sun yi tsalle tsalle, amma lissafin daidai yake. Na rubuta wasiƙa, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla guda: don Allah kada a sauya salon haruffan wannan fayil gaba ɗaya, domin alamun lissafi za su lalace. Na sake rubuta hakan a jikin faifan, na sake rubutawa a saman kwafin takarda. Na roƙi a aiko mini da shafukan gwaji in duba kafin a buga. Na naɗe faifan a kwali, na ba direban motar da ke zuwa garin masu mujallar, na bi shi da waya har sai da sakataren ya ce ya karɓa.

Ranar Asabar na je Tsafe na gaya wa Malam an gama. Yana zaune a zaure a kan buzu, rediyo a gefensa. Ya tambaye ni ko an sa sharaɗin a cikin ƙa'ida ta farko yadda ya rubuta shi, cewa alfa ba ta wuce a ba. Na ce an sa. Ya ce, "Wanga sharaɗi shi na ƙashin bayan abin. Shekara shida ina kuskure kahin in gane shi." Malam mutum ne da a aji yakan soke amsa gaba ɗaya saboda alama guda, ko da lambar ƙarshe ta yi daidai. Mun sha kuka a hannunsa a kan haka.

Shafukan gwaji ba su zo ba. Na kira sau uku, kullum ana ce mini suna hanya. Wata biyar shiru, ni kuwa kowane zuwa Tsafe ina lura da yadda Malam yake ƙara kusanto da takarda fuskarsa. Sai wata safiya masinja ya ajiye mini ƙunshi a tebur: mujallar guda biyu, da kwafin maƙalar daban guda ashirin. Na yage takardar. Ga kan maƙalar, ga sunan Malam da manyan haruffa, ga nawa a bayansa. Na gangaro zuwa ƙa'ida ta farko. Inda ya kamata a ce alfa ba ta wuce a ba, abin da aka buga shi ne a, sai alamar fam ɗin Ingila, sai a.

Na zauna. Na buɗe shafi na gaba, da na gaba. An yi abin da Alhaji ya faɗa, ba ragi ba ƙari. An zaɓi duka an sa Times New Roman. Kowace alfa ta koma a, ta cakuɗe da a ta asali, wadda wani abu ce daban. Kowace bita ta koma b. Alamar "bai wuce ba" ta zama fam, alamar rashin iyaka ta zama ta kuɗin Japan, kibiya ta zama R a cikin da'ira. Manyan jimlolin nan arba'in da ɗaya suna nan lafiya lau a akwatunansu, suna zaune a tsakiyar zancen da ya zama shirme. Wanda bai san maƙalar ba ba zai iya gane me ake nufi ba, wanda ya san lissafi kuwa zai ce marubutan ba su san shi ba.

A wannan karon editan da kansa na samu. Ban yi ladabi ba. Na tambaye shi ko ya ga jan biro. Ya ce wasiƙu suna tsayawa a ofis, faifai ne kawai yake zuwa wurin mai tsara shafi. Na ce a jikin faifan ma na rubuta. Ya ce mai tsarawa yana kwashe fayilolin ne gaba ɗaya, kuma mujalla tana da salonta da dole kowa ya bi. Na tambayi shafukan gwaji, ya ce lokaci ne ya ƙure. Sannan ya ƙara da maganar da har yau ban manta da ita ba: da na bi ƙa'ida na yi komai da Equation Editor, da hakan bai faru ba, saboda haka laifin ya rabu biyu. Wato sun ƙi abu mai kyau da aka kawo musu a gama, sun sa ni na rushe shi na sake ginawa da kara, sun taka karan, sannan ni ne ban iya gini ba. Ya yi alkawarin za a sa gyara a fitowar baɗi, rabin shafi a ƙarshe. Na ce masa gyaran alama ɗari uku ba ya shiga rabin shafi, kuma mutumin da aka yi abin dominsa ba zai ga baɗi da ido ba. Ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne taya murna. Shugaban sashenmu ya ɗauki mujallar, ya duba suna, ya ƙirga shafuka, ya ce wannan za ta yi mini amfani wajen ƙarin girma. Na nuna masa fam ɗin. Ya ce kwamiti ba ya karantawa, bango da suna kawai yake dubawa, in kwantar da hankalina. Abokan aiki suka yi ta miƙo hannu. Alhaji kaɗai ne da na kai masa ya duba, bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai ce, "Duk wahalar da munka sha."

Mako biyu na yi ina ɗage zuwa Tsafe. Na yi tunanin in ce ba ta fito ba tukuna. Amma labari ya riga ni, wani tsohon ɗalibinsa ya ji a kwaleji ya kai masa, Malam ya aiko a ce yana jira. Na shiga mota ranar Asabar da hantsi, mujallar a jaka, ban san abin da zan faɗa ba har muka wuce Kwatarkwashi.

Na tarar ya sa farar riga da hula sabuwa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Inna, matarsa, ta kawo fura ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya shafa bangon, ya auna nauyinta a tafin hannu. Na buɗe masa shafin. Ya kawo shi dab da idon dama, ya bi sunansa da yatsa, harafi bayan harafi, ya daɗe a wurin. Sannan ya miƙo mini.

"Ƙananan ba su ganuwa nan ciki. Karanta mini ƙa'ida ta hwarko."

Na karɓa. Na dubi shafin, na karanta masa abin da ya kamata ya kasance a wurin. Na haddace ta, ba sai na duba ba. Na ce alfa inda aka buga a, na ce bai wuce ba inda aka buga fam. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya ba ni kunya daga baya. Yana gyaɗa kai a kowace gaɓa, leɓensa yana motsi tare da nawa. Da na kai ƙarshe ya ce alhamdu lillahi, Inna ta yi guɗa ƙasa ƙasa ta koma ciki. Na ce a raina an wuce wurin.

Sai ya ce in kama shi mu fita waje. Muka fita bakin zaure inda rana take, ya zaro wani gilashin ƙara girman rubutu daga aljihu, wanda ban san yana da shi ba. Ya ce sharaɗin kawai yake so ya gani, sauran ya yarda da ni. Ba yadda zan yi, na ɗora yatsansa a kan layin. Ya sunkuya, ya matsar da gilashin gaba, ya dawo da shi baya. Na ga lokacin da ya tsaya.

"Wagga ai fam ce," in ji shi. "Da ita anka biya mu albashin hwarko." Ya sake dubawa. "A, fam, a. Ina alfa?"

Na fara bayani. Na faɗi Word, na faɗi salon haruffa, da jan biro, da edita, da gyaran baɗi. Maganar tana fita da sauri da zafi, duk fushin wata shida. Ya bar ni har na gama, bai katse ni ba. Ya rufe mujallar a hankali ya riƙe ta a ƙirji.

"Su ban san su ba, ba ni na koya musu ba," ya ce. "Kai hwa? Mi ya sa kak karanta mini abin da ba a rubuta ba?"

Na ce ina da kwafin asali a Bungudu, mai kyau, daidai, zan kawo masa gobe.

"Wancan na gan shi tun bara. Wanga shi na mutane za su gani." Ya mayar da gilashin aljihu, ya lalubi bango da hannu ya juya zai shiga. A bakin ƙofa ya tsaya. "Kwahi nawa sunka ba ka?"

"Ashirin, Malam."

"Kak ka ba kowa. In wani cikin ɗalibaina ya tambaya, ka ce ba ta hito ba."